Na Ce Mata "Gobe-Gobe", Yanzu Tana Neman Kuɗinta Gaba Ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Maraɗi, ina sayar da atamfa daga gida, ina sa hotuna a WhatsApp da Facebook. Ranar wata Litinin da dare wata mata daga Yamai, aminiyar ƙanwar mijina, ta turo mini 50,000 F na turmi huɗu, kowane 12,500 F. Ta tambaye ni yaushe za su iso, na ce gobe-gobe in sha Allah. Gaskiya turmi biyu ne kawai a hannuna, sauran biyun sai Laraba suka zo mini daga Kano. Na kai tasha ranar Alhamis, ba ta samu karɓa ba sai Asabar, ashe anko ne na bikin da za a yi ranar Lahadi, kuma ba ta gaya mini ba sai bayan ta biya. A wurin karɓa an caje ta 2,000 F, mai babur ya karɓi 1,000 F, sannan ta ce biyu daga cikin turamen launinsu ya fi sauran duhu. Yanzu tana neman 53,000 F, ta kuma faɗi maganganu a kaina cikin wani zauren mata. Ribata duka 6,000 F ce, kuma ni dama ba na karɓar kayan da suka fita. Maigidana ya ce in bar sana'ar tunda ta fara taɓa zumunci. Anti, ina mafita?

Daga wata ƙanwarki a Maraɗi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne yadda kika faɗi naki ɓangaren ba tare da ɓoye abin da bai yi miki daɗi ba. Wannan ya nuna mini cewa ba ha'inci kika nufa ba, kuma da mai irin wannan zuciyar ana iya yin magana a fili. Na san zafin da mace take ji idan aka ambaci sunanta cikin mata ba da alheri ba, balle a ce maganar ta biyo ta hanyar dangin miji. Sai dai ina so ki ajiye wannan zafin gefe na ɗan lokaci, mu duba cinikin kansa, domin a nan ne za ki ga abin da yake wuyanki da abin da ba ya wuyanki.

Bari mu ƙirga kwanakin tare, mu ɗauka ma duka kayan suna ɗakinki a daren da kuɗin suka shigo. Da dare ba a karɓar saƙo, don haka sai washegari Talata za ki ɗaure kayan ki aika yaro ya kai ofishin koli, wato wurin aika saƙo a mota. Motocin da suke zuwa Yamai yawancinsu da asuba suke tashi, wato saƙon da aka ajiye ranar Talata da rana motar Laraba zai bi. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai kilomita fiye da 600, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar yini guda cur, kuma sau da yawa kafin a sauke kaya a jera su dare ya yi. Mai kaya za ta iya karɓa ne ranar Alhamis da safe. Kin ga ke nan, ko da babu abin da ya samu matsala, ko da direba bai tsaya gyaran taya ba, alkawarin da kika yi ba mai yiwuwa ba ne tun daga lokacin da ya fita daga bakinki. Ba ke kaɗai kike yin haka ba. Yawancinmu idan muka ce "gobe" muna nufin ranar da kayan za su bar hannunmu, ita kuwa mai saye tana jin ranar da za su shiga nata hannun. Kalma ɗaya ce, amma kowaccenku da abin da ta fahimta, kuma babu rubutun da za a koma a duba.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne shirun da kika yi game da turamen da ba su hannunki. Na fahimci dalili: kina tsoron idan kika ce sai an kawo, cinikin zai kuɓuce. To amma wannan shirun shi ne ya haifi matsala biyu a lokaci guda, jinkiri da bambancin launi. Duk wadda ta daɗe tana taɓa atamfa ta san cewa zane iri ɗaya, idan ba daga dila ɗaya ya fito ba, yakan ɗan saɓa a rini, kuma abin da ba zai dami mai ɗinka riga ɗaya ba yana iya ɓata wa masu anko rai, tunda su tsayawa za su yi a jere a ɗauke su hoto. Da kin ce mata biyu suna nan, biyu kuma sai an kawo daga Kano, da ita da kanta za ta ambaci ranar bikin, kuma da kun rabu lafiya ko kun canza zane.

Ita ma tana da nata rabon. Wadda take da biki ranar Lahadi, kuma tana buƙatar tela ya ɗinka mata kaya huɗu, bai kamata ta yi odar yadi daga wani gari ranar Litinin da dare ba tare da ta faɗi ranar da take buƙata tun kafin ta tura kuɗi ba. Kai maganar cikin taron mata kafin ku gama magana tsakaninku shi ma ba daidai ba ne. Amma ki sa kanki a matsayinta na minti ɗaya. Ta yi wa mata uku alkawarin anko, wataƙila ma kuɗinsu ta haɗa, ta je karɓar kaya a ranar jajibirin biki, aka ce sai ta ƙara kuɗin da ba ta san da su ba, ta buɗe kuma ta ga launi bai zo ɗaya ba. Ni kaina na taɓa tsayawa a gaban tagar wani ofishin koli a nan garin, na je karɓar kwanonin da na saya daga Damagaram, ma'aikacin ya juyo da rasit ya nuna mini inda aka rubuta cewa mai karɓa ne zai biya 1,500 F. Ba ni da ko dala a jaka sai kuɗin adaidaita na komawa, mutane suna bayana a layi, na koma gefe ina kiran gida a kawo mini. Kuɗin ba su da yawa, amma har yau ina tuna kunyar, kuma ban sake sayen komai wurin wannan matar ba, duk da cewa kwanonin masu kyau ne.

Maganar cewa ba kya karɓar kayan da suka fita, ƙanwata, ba za ta tsaya miki a wannan karon ba, saboda dalili biyu. Na farko, sharaɗin da yake cikin zuciyarki kawai, wanda ba ki faɗa ba kafin a biya, bai hau kan mai saye ba. Na biyu, ko da kin rubuta shi, ba ya rufe aibin da mai sayarwa ta sani ta yi shiru. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, kuma cinikin hoto a waya irinsa ne. Idan kaya suka zo daidai da siffar da aka yi, ciniki ya tabbata, idan kuwa suka saɓa, mai saye tana da zaɓin mayarwa. Ita turmi huɗu iri ɗaya ta saya, ba su ne suka iso mata ba.

Shawarata game da wannan rigimar ita ce ki kira ta da kanki, da murya, ba ta hannun ƙanwar mijinki ba, kuma ki fara da faɗin abin da kika yi kuskure a kai a taƙaice, ba tare da jero nata laifin ba. Daga nan ki tambaye ta ko an sa wa atamfar almakashi ko ruwa. Idan turamen suna nan yadda suke, da takardarsu a jiki, ki ce ta maido su duka, ke za ki biya kuɗin motar dawowa, kuma ranar da suka iso kika duba za ki tura mata 50,000 F ɗinta tare da 2,000 F da aka karɓa a hannunta a tasha. Kuɗin mai babur kuwa nata ne, domin ita ta zaɓi a kai mata har gida, kuma ina ganin idan kika yi maganar cikin ladabi za ta yarda. Idan kika yi lissafi, abin da zai fita daga aljihunki 4,000 F ne da ɗan kuɗin turawa, jarinki kuma yana nan cikin atamfar, za ki sayar da ita bibbiyu ga waɗanda bambancin launin bai shafe su ba, ki samu ribarki ta 6,000 F. Wato a ƙarshe ba asara za ki yi ba, ribar ce za ta ragu ƙwarai.

Idan ta fi son ta riƙe biyun da suka yi mata, ta maido biyu, sai ki mayar mata da 25,000 F da kuɗin tashar, wannan ma ya yi. Idan kuma an riga an yanka, to mayarwa ta faɗi, abin da ya rage shi ne rangwame, kuma iyakar abin da zan ce ki bari shi ne ribarki duka, ba za ki taɓa uwar kuɗi ba. Duk wanda kuka tsaya a kai, ki rubuta mata shi a saƙo bayan kun ajiye waya, ta amsa da cewa ta yarda. Kada ki sa mata sharaɗin sai ta koma zauren ta wanke ki kafin ki biya. Ki biya tukuna, sannan ki roƙe ta ta sanar da matan cewa an daidaita. Mutum ya fi saurin gyara maganarsa idan ba tilasta masa aka yi ba.

Yanzu mu zo kan abin da zai hana wannan maimaituwa, wanda shi ne ya fi damuna, domin idan kika biya ta kika ci gaba da sa hoto da farashi kawai, wata rigimar tana nan tafe kafin Sallah. Abu uku ne mai saye daga nesa ba ta iya gani a hoto: ranar da kayan za su shiga hannunta, jimillar abin da zai fita daga jakarta, da abin da zai faru idan kayan ba su yi ba. Waɗannan ukun a jikin tallar ya kamata su zauna, tun kafin a gaisa, domin abin da aka faɗa bayan kuɗi sun shiga, mai saye tana jinsa ne kamar uzuri. Hausawa suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa; aikinki shi ne ki tabbatar ta san rariya ce tun tana kan hoto.

Game da lokaci, ki daina amfani da "gobe", "jibi" ko "nan ba da jimawa ba" a rubuce. Ki faɗi daga yaushe ake fara ƙirga, ki kuma ba da tazara mai farko da ƙarshe. Farkon ƙirga shi ne lokacin da kika tabbatar kuɗi sun shigo, ba lokacin da aka ce "ajiye mini" ba, kuma ki sa iyaka a cikin yini, misali kuɗin da suka shigo bayan azahar lissafinsu na washegari ne. Ƙarshen ƙirga kuma shi ne ranar da za a iya karɓa a tashar garin mai saye. A kan lissafin da muka yi ɗazu, Yamai kwana biyu ne idan komai ya tafi daidai, don haka ki rubuta kwana 2 zuwa 4. Waɗannan kwana biyun da kika ƙara ba ƙarya ba ce, su ne wurin da lalacewar mota, ruwan damina, ko cikar mota da kayan fasinja za su zauna ba tare da sun mayar da ke maƙaryaciya ba. Damagaram, da take kusan kilomita 240 daga nan, kwana 1 zuwa 3 ya isa. Garuruwan da babbar mota ba ta zuwa kullum, inda sai an bi ta hannun direban tasha ko an jira ranar kasuwa, kada ki rubuta musu adadi. Ki ce a tambaya kafin a biya.

Sannan ki raba kayanki gida biyu a bayyane, waɗanda suke hannu da waɗanda sai an kawo, ki kuma rubuta adadin turamen da suka rage. Kayan da za su taso daga Kano su biyo ta Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa ba a ikonki suke ba, kuma duk ɗan kasuwar Maraɗi yana tune da yadda iyakar ta kasance a rufe daga ƙarshen Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Irin waɗannan kayan ki ƙara musu mako guda a kan lokacin da kika saba, ki kuma faɗa cewa idan makon ya cika ba su zo ba, mai saye tana da damar karɓar kuɗinta cikakku. Ki ƙara layi ɗaya saboda masu biki, cewa duk mai son anko ta faɗi ranar bikin kafin ta biya, kuma ba kya karɓar odar anko idan kwanakin da suka rage wa bikin ba su kai mako biyu ba. Za ki ga kamar kina korar ciniki, amma cinikin da wannan layin zai kora shi ne irin wanda ya hana ki barci a makon nan. A goman ƙarshe na azumi da kwanakin da suke gab da babbar Sallah, lokacin da tashoshi suke cika maƙil, ki canza adadin kwanakin a tallar, kada ki bar na sauran watanni.

Game da kuɗin aike, ki sa yaronki ko ke da kanki ku je ofisoshin koli biyu ko uku da kuke amfani da su, da ƙunshi na gaske a hannu, ku tambayi abin da za a caja a kan turmi ɗaya, da huɗu, da goma, zuwa garuruwan da kika fi samun masu saye, domin kowane kamfani da yadda yake yanke kuɗinsa. Ki rubuta abin da aka gaya muku a littafinki, ki riƙa sabuntawa. Abin da na fi so ki yi shi ne ki karɓi kuɗin aike tare da kuɗin kaya, ki biya a nan Maraɗi, rasit ya nuna an biya, ta yadda mai saye za ta je da katin shaidarta kawai ta ɗauki kayanta. Kafin ta tura, ki rubuta mata jimilla a layi ɗaya: kaya 50,000 F, aike 2,000 F, duka 52,000 F, kai wa gida daga tasha yana kan mai saye. Ki faɗi kuma wanda zai ɗauki kuɗin turawa idan ta Nita ko Amana ko ta waya za a biya, domin ɗan abin da ake cirewa a nan ma yakan jawo ƙorafi idan ba a ambata ba.

Akwai wani abu da nake so ki kula da shi wanda ya shafe mu mu 'yan Nijar musamman. Muna ƙirga kuɗi da dala a baki, muna rubutawa da sefa a takarda. Idan kika ce a saƙon murya kuɗin mota "ɗari biyar" ne, wata za ta ji 500 F, wata kuma da ta saba da lissafin kasuwa za ta ji dala ɗari biyar, wato 2,500 F. Idan mai sayen daga Katsina ko Kano take, tana iya ɗauka ma naira kike nufi. Don haka kowane adadi ki rubuta shi da lambobi, da harafin F a ƙarshensa, ko da kin riga kin faɗa da baki cewa jika biyu ne.

Wasu za su ba ki shawarar ki rubuta "aike kyauta" ki cusa kuɗin cikin farashi. Ki yi lissafi kafin ki bi su. Ribarki a turmi 1,500 F ce. Idan wata a Yamai ta sayi turmi ɗaya kika biya mata 2,000 F na mota, kin yi asarar 500 F, idan kuma kika ɗaga farashin kowa don ki rufe wannan, matar da take unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, wadda za ta aiko yaro ya karɓa, za ta ga kin fi babbar kasuwa tsada. Aike kyauta yana da ma'ana ne kawai idan an sayi da yawa, misali daga turmi goma, inda ribar ta kai 15,000 F, kuma shi ma sai kin rubuta daga nawa ya fara.

Game da mayarwa, kada ki tsaya a kan "ba a mayarwa", kada kuma ki buɗe ƙofa gaba ɗaya. Ki gina sharaɗin a kan tambayar wane ne ya jawo matsalar. Idan daga gare ki ne, wato an aika zanen da ba shi aka zaɓa ba, ko yadi bai cika shida ba, ko akwai huji ko tabo, ko launin anko ya saɓa, to ke za ki karɓi kayan, ki biya motar zuwa da ta dawowa, ta zaɓi canji ko kuɗinta. Idan kuwa kayan sun zo daidai da hoto da bayani, ita ce kawai ta canza ra'ayi, kina da damar ki ƙi, ko ki yarda da canji kawai bisa sharaɗin ita za ta biya mota. Ki sa wa'adi gajere mai adalci, kwana biyu daga ranar da ta karɓa, ta turo hoto ko bidiyo na abin da ta gani, kuma atamfar da aka yanka ko aka wanke ko aka cire wa takarda ba ta dawowa. Saboda launi shi ne ya fi jawo musu, ki riƙa ɗaukar hoto da hasken rana a inuwa, ba da hasken ƙwan lantarki ba, ki kuma rubuta sunan launin da kalmomi, domin fuskar kowace waya da yadda take nuna shi.

Saura batun kayan da suka ɓata ko suka jiƙe a hanya. Sanannen ra'ayi a mazhabarmu shi ne kayan da aka sayar daga nesa suna kan lamunin mai sayarwa har sai mai saye ta karɓa, sai dai idan an yi wani sharaɗi daban, kuma ko a hankalce ke ce kika zaɓi motar, sunanki ne a rasit, ke ce za ki iya bin sawu. Ki rubuta cewa kina ɗauke da kayan har tasha. Don ki kare kanki, ki sa su cikin leda biyu kafin buhu, ki ɗauki hoton turamen a jere kafin ki ɗaure da hoton ƙunshin bayan an rubuta suna, idan an tambayi darajar kaya ki faɗi ta gaskiya ko da zai ƙara kuɗi kaɗan, sannan ki tura wa mai saye hoton rasit a ranar.

Kada tsawon bayanina ya ba ki tsoro, duk wannan yana shiga cikin 'yan layuka. Ga yadda zai iya zama a ƙarƙashin hoto: "Atamfa, yadi 6, ruwan goro da fari, 12,500 F. Tana hannu, saura turmi 2. Bayan shigar kuɗi: Yamai kwana 2 zuwa 4, aike 2,000 F; Damagaram kwana 1 zuwa 3, aike 1,500 F; ana karɓa a tasha. Masu anko a faɗi ranar biki kafin a biya. Idan kaya sun saɓa wa hoto ko suna da aibi, a turo hoto cikin kwana 2, zan canza ko in mayar da kuɗi, mota a kaina. Wadda aka yanka ko aka wanke ba ta dawowa." Ki sa adadin da kika samo daga tasha a madadin nawa.

Inda za ki ajiye rubutun ma yana da muhimmanci. Sitatus na WhatsApp yana gogewa bayan awa 24, kuma mata sukan ɗauki hoton kaɗai su tura wa 'yan'uwansu, bayanin da yake ƙasa ya tsaya a baya. Saboda haka farashi, da "tana hannu" ko "sai an kawo", ki rubuta su a jikin hoton kansa, cikakken sharaɗin kuma ki mayar da shi hoto guda da za ki riƙa sawa tare da kayan kullum. Duk wadda ta ce tana so, kafin ki ba ta lambar da za ta tura kuɗi, ki sake tura mata sharaɗin a cikin hirarku, ki jira ta amsa. Da yawa daga cikin masu sayenki sun fi gane murya a kan rubutu, wasu ma ba su karanta boko, don haka ki naɗi saƙon murya na minti ɗaya da yake faɗin abu ɗaya da rubutun, ki ajiye shi kina turawa. Wadda ta amsa da murya cewa ta ji ta yarda, amsarta ta wadatar, kada ki goge.

Na san abin da zai zo miki a rai, cewa tura wa 'yar'uwa ko ƙawar dangi sharaɗi kamar rashin yarda ne. A ganina su ne ma suka fi buƙatarsa, domin baƙuwa idan ta ji haushi tafiya take yi, ta gida kuwa haushinta yana zagayowa ta wurin suruka da taron suna. Idan kowa yana samun saƙo iri ɗaya, babu wadda za ta ce ita aka ware, kuma kina iya cewa da ita, Hajiya, haka nake tura wa kowa don kada in manta wani abu.

Maigidanki kuwa ba sana'ar yake ƙi ba, a fahimtata, abin da yake gudu shi ne a riƙa kawo masa ƙarar matarsa daga gidansu. Kada ki yi jayayya da shi yanzu. Ki fara kashe wannan wutar, sannan ki zauna da shi bayan sallar isha'i ki nuna masa saƙon da matar ta amsa cewa an daidaita, ki nuna masa sabon rubutun tallar da littafin da kika rubuta kuɗin tasha, ki roƙe shi ya ba ki wata uku ya ga yadda za ta kasance. Idan har yanzu ransa bai kwanta ba, ki ba shi zaɓin cewa a cikin waɗannan watannin kayan da suke hannunki kawai za ki riƙa tallatawa, kuma odar anko daga wajen gari sai wadda ta zo da saura mako biyu. Ƙanwar mijinki ma ki kira ta bayan an gama, ki gode mata da ta kawo miki mai saye, ki gaya mata yadda kuka rabu, domin ita ce ta tsaya a tsakiya tana shan magana daga ɓangare biyu. Allah ya sa albarka a nemanki, kuma ki rubuto mini idan turamen sun dawo, in ji yadda kuka ƙare.